Sifilin da ke Ƙarya: Yaushe Kwafin Rumbun Bayanai Ya Zama Kwantai?

Mu ƙaddara wata mata ta biya kuɗin makarantar ɗanta ta manhajar waya. Allo ya nuna mata an karɓa. Ta koma shafin farko don ta ƙara tabbatarwa, sai ta ga an rubuta cewa har yanzu ana bin ta bashi. Ta sabunta shafin, shiru. Zuciyarta ta ba ta cewa kuɗin bai shiga ba, ta sake biya. Kafin la'asar ƙorafi ya isa ofis, injiniyan da ke bakin aiki ya buɗe allon sa-ido, ya ga jinkirin kwafi sifili ne tun safe, layi miƙe sambal. Matar ba ƙarya take yi ba. Allon ma abin da aka ce ya auna shi ya auna. Abin da aka ce ya auna ɗin ne bai dace da tambayar ba.

Zan yi bayanin da manhajar rumbun bayanai ta PostgreSQL, domin a nan ne na fi sanin lungu da saƙo, kuma domin yana ba mutum damar ganin kowane mataki da idonsa. Tsarin da aka saba shi ne rumbu ɗaya mai karɓar rubutu, wanda zan kira uwa, da wani rumbu ɗaya ko fiye da ke bin sawunta, wato kwafi. Ana tura masu karatu kawai zuwa kwafi don uwa ta samu ta numfasa, kuma ana ajiye shi don ranar da uwa ta faɗi. PostgreSQL ya samu wannan tsarin a cikinsa tun fitowa ta 9.0 a shekarar 2010, kuma sai dai in an canza, uwa ba ta jiran kwafi. Ta rubuta, ta ce wa manhaja an gama, labari ya bi hanya daga baya. Saboda haka kwafi kullum yana baya. Tambayar ita ce da nawa, kuma ga wane aiki ne wannan tazara ta zama matsala.

Duk canjin da uwa za ta yi, sai ta fara rubuta shi a wani dogon kundi mai suna WAL, kamar yadda mai shago ke rubuta ciniki a littafi kafin ya gyara kaya a kanta. Kowane wuri a kundin yana da lamba, ana ce mata LSN, kuma ba komai ba ce illa ƙidayar bayit tun daga farkon kundi, an rubuta ta da lissafin goma sha shida, kamar `2A/5C000000`. Kwafi ba ya kwafar teburori. Kundin yake karɓa, ya maimaita abin da ke ciki ɗaya bayan ɗaya. Tafiyar tana da zango huɗu: uwa ta aika, kwafi ya rubuta abin da ya karɓa, ya tabbatar ya zauna a faifai, sannan ya maimaita shi a kan teburorinsa. Mai karatu ba ya ganin komai sai an kai zango na huɗu. Bayanin da ya iso kwafi, ya zauna daram a faifai, amma ba a maimaita shi ba, ga matar nan daidai yake da bai zo ba.

A kan uwa, ana ganin zangon nan huɗu a wuri ɗaya:

```sql
SELECT application_name, state,
       pg_wal_lsn_diff(pg_current_wal_lsn(), flush_lsn)  AS bai_iso_ba,
       pg_wal_lsn_diff(flush_lsn, replay_lsn)            AS jiran_maimaici,
       replay_lag
FROM pg_stat_replication;
```

Na raba tazarar gida biyu da gangan. Ta farko tana nuna abin da bai isa faifan kwafi ba, kuma idan ita ce ta kumbura, a duba hanyar sadarwa ko faifan da kwafi ke rubutu a kai. Ta biyu tana nuna abin da ya iso amma yake layi, kuma idan ita ce, hanya lafiya lau take, kwafin ne da kansa ya gaza ko aka tsayar da shi. Cuta biyu ce daban, magani ma daban.

Ga misali da lambobi. Uwa tana `2A/5C000000`. Kwafi ya zaunar da kundi a faifai har `2A/5BF00000`, amma maimaicinsa yana `2A/4A000000`. Tsakanin uwa da abin da ya iso megabayit 1 ne kacal. Tsakanin uwa da abin da aka maimaita kuwa megabayit 288 ne. To megabayit 288 yawa ne ko kaɗan? Lambar ita kaɗai ba ta da amsa. Idan uwa tana fitar da megabayit 12 na kundi a sakan, tazarar tana nufin kwafi yana nuna duniya yadda take sakan 24 da suka wuce. Idan tsakar dare ne, uwa na fitar da rabin megabayit a sakan, wannan tazarar ta kusa minti goma. Sannan akwai tambaya ta uku, wadda ita ce mai gida zai yi maka a waya: yaushe zai kamo? Idan kwafi yana iya maimaita megabayit 20 a sakan alhali uwa na ƙara 12, ribar da yake ci 8 ce a kowane sakan, zai kamo cikin sakan 36. Amma idan wani ya saki babban aikin gyaran tebur, uwa ta koma fitar da 25, to kwafi yana ƙara nisa da megabayit 5 a sakan, 300 a minti, kuma ba zai kamo ba har sai aikin ya ƙare. A irin wannan hali alƙiblar da layin ya dosa ta fi tsayinsa ba da labari.

Dalilin da kwafi ke iya gazawa ko da na'urarsa ɗaya da ta uwa shi ne, a uwa rubutu yana fitowa daga haɗi da yawa a lokaci guda, kowanne a kan nasa ƙwaƙwalwar sarrafawa. A kwafi ma'aikaci ɗaya tilo ne ke maimaita kundin, a jere. Mutum talatin suna zuba kaya, mutum ɗaya yana jerawa.

Yanzu mu koma kan sifilin nan na ƙarya, domin a nan aka fi faɗawa rami.

Awon da kowa ke fara rubutawa a kan kwafi shi ne wannan:

```sql
SELECT now() - pg_last_xact_replay_timestamp();
```

Ma'anarsa, a ɗebe lokacin da uwa ta kammala ciniki na ƙarshe da kwafi ya maimaita daga lokacin yanzu, ciniki kuwa shi ne dunƙulen aikin da rumbu ke kammalawa gaba ɗaya. Da rana yana aiki da kyau. Da ƙarfe uku na dare, sa'ad da babu mai rubuta komai, lambar sai ta yi ta hawa: minti ɗaya, biyar, ashirin. Ƙararrawa ta tashi mutum daga barci, ya duba ya ga kwafi bai rasa ko bayit ɗaya ba. Ba jinkiri awon ke nunawa ba a lokacin, shirun uwa yake nunawa. Bayan an tashe shi sau biyu ko uku, sai ya nemo gyaran da ya yaɗu ko'ina:

```sql
SELECT CASE
  WHEN pg_last_wal_receive_lsn() = pg_last_wal_replay_lsn() THEN 0
  ELSE extract(epoch FROM now() - pg_last_xact_replay_timestamp())
END;
```

Wato idan kwafi ya maimaita duk abin da ya karɓa, a ce jinkiri sifili ne. Ƙararrawar dare ta yi shiru, kowa ya samu barci. Sai dai a sake karanta sharaɗin a hankali. Ya maimaita duk abin da ya karɓa. Idan igiyar da ke tsakaninsa da uwa ta tsinke fa? Kwafi zai gama maimaita ɗan abin da ke hannunsa, lambobin biyu su daidaita, awo ya ce sifili. Zai ci gaba da cewa sifili bayan awa ɗaya, bayan kwana ɗaya. Kamar ma'aikacin gidan waya ne da ka tambaye shi ko akwai wasiƙar da bai raba ba, ya ce babu, kuma gaskiya ya faɗa, don motar da ke kawo wasiƙu ta kwana uku ba ta zo ba. Wannan ne ya faru da matar da muka fara da ita. An musanya awo mai kuka ba dalili da awo mai shiru lokacin da gida ke cin wuta, kuma a ganina na biyun ya fi muni nesa ba kusa ba.

Masu MySQL, wata manhajar rumbun bayanai, su ma ba su tsira ba. Lambar da suka saba kallo, `Seconds_Behind_Master`, wadda daga baya aka sauya wa suna zuwa `Seconds_Behind_Source`, ita ma tana auna mai maimaici ne da abin da ya riga ya iso. Idan hanya ce ke jan ƙafa, mai maimaici yana iya cinye duk abin da aka kawo masa, lambar ta nuna 0 alhali kwafin yana can baya.

Wani zai ce to a riƙa aunawa daga uwa mana, tunda ita ta san inda ta kai. Ya fi, amma nan ma akwai tarko biyu. Na farko, idan kwafi ya yanke, `pg_stat_replication` ba ya nuna babbar lamba. Layin kwafin ne ke ɓacewa ɗungurungum. Ƙararrawar da aka ɗaura wa sharaɗin a yi kuka idan lamba ta wuce kaza ba za ta ce uffan ba, don babu lambar da za ta wuce komai. Dole a sa wata ƙararrawa dabam da ke ƙirga layuka: ina da kwafi biyu, me ya sa nake ganin ɗaya? Na biyu kuma game da `replay_lag` ne, wanda aka ƙara a fitowa ta 10 a 2017 tare da `write_lag` da `flush_lag`. Yana faɗin tsawon lokacin da kundi na baya-bayan nan ya ɗauka daga zama a faifan uwa zuwa isowar labarin cewa kwafi ya maimaita shi. Awo ne na abin da ya riga ya faru, ba hasashen yaushe za a kamo ba. Kuma idan uwa ta yi shiru kuma kwafi ya kamo, bayan ɗan lokaci yana komawa `NULL`. Na ga allon sa-ido da ke mayar da `NULL` sifili, na ga wanda ke barin gurbi. Ya kamata mutum ya san wanne nasa yake yi kafin ranar da zai buƙaci sanin.

Mafitar da na fi yarda da ita tsohuwa ce kuma ba ta da ado: bugun zuciya. A yi ƙaramin tebur mai layi ɗaya a uwa, a sa wani ɗan aiki yana sabunta shi kowane sakan.

```sql
UPDATE bugu SET lokaci = clock_timestamp() WHERE id = 1;
```

A kwafi kuma sai a tambaya:

```sql
SELECT clock_timestamp() - lokaci FROM bugu WHERE id = 1;
```

Tunda kwafi yana maimaita kundi a jere, idan ya nuna bugun da aka yi sakan biyu da suka wuce, ka tabbata duk abin da aka kammala kafin wannan bugun yana ciki. Uwa ba ta taɓa yin shiru, don haka kukan dare ya ƙare. Idan igiya ta tsinke, lambar tana hawa sakan bayan sakan, yadda ya kamata. Idan ɗan aikin da ke bugawa ne ya mutu, lambar ma hawa take yi, wato ta yi kuskure ta ɓangaren da ba ya cutar da kowa: a daina yarda da kwafi mai lafiya na ɗan lokaci, maimakon a ci gaba da yarda da mara lafiya. Kayan aikin Percona mai suna `pt-heartbeat` wannan dabarar yake yi, amma mutum yana iya rubuta nasa cikin layi goma.

Yana da nasa sharuɗɗa. Awon yana ɗebe agogon uwa daga agogon kwafi, to idan agogunan sun saɓa da sakan uku, amsar ta saɓa da sakan uku, har tana iya fitowa ƙasa da sifili. Jinkirin da ya fito ƙasa da sifili saƙo ne cewa a duba NTP, wato tsarin da ke daidaita agogunan na'urori. Sannan bugun sakan ɗaya ba ya iya auna abin da bai kai sakan ba, kullum za ka ga lamba tana yawo tsakanin sifili da ɗaya ko da komai lafiya. Abin da aka fi mantawa shi ne ranar da aka ɗaga kwafi ya zama uwa, dole mai bugun ya bi sabuwar uwa, in ba haka ba duk sauran kwafin za su bayyana kamar sun mutu a lokaci ɗaya.

To an samu awo mai gaskiya. Sakan nawa ne ya yi yawa?

A nan ne nake ganin ana ɓata lokaci wajen neman lamba ɗaya ga rumbu gaba ɗaya. Kwantai ba hali ne na kwafi shi kaɗai ba, ya danganta da wanda zai saya. Burodin jiya ba ya sayuwa, shinkafar bara kuwa ba wanda zai ce ta tsufa. A cikin manhajar makarantar nan tamu akwai aƙalla masu karatu iri uku. Akawu yana fitar da rahoton kuɗin da aka tara a zangon da ya wuce, jinkirin minti biyar ba ya canza masa komai. Shafin jerin ɗalibai da azuzuwa yana iya jure sakan goma, ba wanda zai lura. Sai matar da ta biya yanzu-yanzu take son ganin biyanta. Ga wannan matar babu adadin sakan da ya yi kaɗan. Ko jinkirin rabin sakan ne, idan shafinta ya buɗe cikin kwatan sakan, za ta ga tsohon bashi. Ita ba ta damu da shekarun bayanin ba. Abin da take tambaya shi ne, nawa yana ciki?

Wannan tambayar LSN ke amsa ta. Bayan an kammala rubuta biyanta, manhaja ta tambayi uwa inda kundi ya kai da `pg_current_wal_lsn()`, ta ajiye lambar a zaman matar. Idan an kashe `synchronous_commit`, saitin da ke sa uwa ta jira kundi ya zauna a faifai kafin ta ce an gama, a yi amfani da `pg_current_wal_insert_lsn()`, don wurin rubutu yana iya zama bai kai ga cinikin ba tukuna. Sa'ad da za ta karanta, kafin a yi ainihin tambayar, a fara tambayar kwafi:

```sql
SELECT pg_last_wal_replay_lsn() >= '2A/5C000000'::pg_lsn;
```

Idan ya ce e, biyanta yana ciki, a karanta daga gare shi ko da yana bayan uwa a kan wasu abubuwan. Idan ya ce a'a, a ɗan jira ko a tafi uwa kai tsaye. Wannan dabarar tana kuma warkar da wata cuta mai rikita mutane idan kwafi biyu ne: a sabunta shafi a ga an biya, a sake sabuntawa a ga ba a biya ba, don buƙata ta biyu ta faɗa kan kwafin da ya fi nisa. Lokaci ya koma baya a idon mai kallo. Wanda bai da halin ɗaukar LSN yana yawo da shi yakan yi mai sauƙi, ya ce duk wanda ya yi rubutu, karatunsa na sakan talatin masu zuwa daga uwa zai fito. Yana aiki, muddin ana cire duk kwafin da jinkirinsa ya wuce talatin ɗin. In ba a haɗa biyun ba, an ɗage matsalar ne zuwa sakan na talatin da ɗaya.

Akwai kuma karatun da bai kamata ya taɓa kwafi ba sam: duk wanda za a yanke hukuncin rubutu a kansa. Duba ko an riga an biya kafin a sake cirar kuɗi, duba ko kujera ta rage kafin a sayar. Wannan a uwa ake yi, cikin ciniki ɗaya da rubutun. Tun fitowa ta 9.6 akwai `synchronous_commit = remote_apply`, wanda ke sa uwa ta jira har kwafin da aka ayyana ya maimaita kafin ta ce an gama. Yana kawar da jinkiri ga mai karatu daga wannan kwafin, amma kowane rubutu sai ya biya kuɗin zuwa da dawowa, kuma duk abin da ya tsayar da maimaici a kwafi ya tsayar da rubutu a uwa.

Kuma maimaici yana tsayawa, sau da yawa da gangan. Idan akawunmu ya saki rahoto mai cin minti huɗu a kan kwafi, kuma a lokacin uwa ta share tsofaffin layukan da rahoton ke buƙata, kwafi ya shiga tsaka mai wuya: ya maimaita sharar ya kashe rahoton, ko ya dakata. `max_standby_streaming_delay` ne ke yanke hukunci, kuma asalin saitinsa sakan 30 ne. Kwafi zai tsaya cik har lokacin ya cika, sannan ya kashe tambayar da saƙon `canceling statement due to conflict with recovery`. A zanen awo ana gane wannan da haƙoran zarto: layi ya hau a miƙe har wajen 30, ya faɗo, ya sake hawa. Na'ura ba ta gaji ba, faifai ba ya kuka, jira kawai ake yi. `pg_stat_database_conflicts` a kan kwafi yana ƙirga tambayoyin da aka kashe da dalilinsu. Abin da yakan biyo baya sananne ne: akawu ya yi ƙorafi, wani ya mayar da saitin `-1`, wato a jira har abada, rahoto ya daina mutuwa, kuma kwafin da shafin ɗalibai ke karantawa ya koma yana tsayawa minti huɗu duk safiya. Kunna `hot_standby_feedback` yana rage wannan rikicin ta hanyar hana uwa share layukan, amma sharar sai ta taru a uwa teburori su kumbura, kuma ba ya hana rikicin da kulle tebur ke jawowa, kamar na `TRUNCATE` ko `ALTER TABLE`. Gaskiyar magana, kwafi ɗaya ba ya iya zama na dogon rahoto kuma na sabon labari. A raba su, kowanne da saitinsa da iyakarsa.

Idan an zo saka iyakar cire kwafi daga aiki, kada ta zama lamba ɗaya ta shiga da fita. Kwafin da ke yawo tsakanin sakan 9 da 11 a kan iyakar 10 zai yi ta shiga yana fita, kuma duk fitarsa nauyi yana komawa wani wuri. A cire shi a 10, kada a mayar sai ya sauko ƙasa da 3 ya zauna nan na minti guda. Patroni, kayan aikin da ke kula da uwa da kwafi, yana da hanyar duba lafiya mai karɓar iyakar tazara, `/replica?lag=`, Pgpool-II kuma, mai raba masu karatu tsakanin rumbuna, yana da `delay_threshold`. Abin da ba kayan aikin da zai yanke maka shi ne me za a yi idan duk kwafin sun wuce iyaka tare. Kuma tare suke wucewa, don sanadin yawanci ɗaya ne: uwa ce ke ambaliyar rubutu. Idan a wannan lokacin aka juye mata duk masu karatu, an ɗora wa wadda ta riga ta sunkuya kaya. Ni dai na fi son a tsara tun farko cewa karatun kuɗi ya koma uwa, sauran shafuka su ci gaba da karanta kwafi amma a rubuta a sama cewa bayanin na ƙarfe kaza da minti kaza ne. Mutane suna haƙuri da tsohon labari idan an gaya musu tsoho ne.

Ranar da uwa ta faɗi kuwa, ma'aunin ya juya. Mu koma lambobinmu na ɗazu. Kwafin da ke bayan uwa da megabayit 288 bai cancanci a karanta kuɗi daga gare shi ba, amma a matsayin magaji ba shi da laifi sosai, domin 287 daga ciki suna faifansa, kuma idan aka ɗaga shi sai ya gama maimaita su kafin ya buɗe ƙofa. A gudun 20 a sakan, jiran kusan sakan 15 ne. Abin da za a rasa shi ne megabayit 1 da bai iso ba. Wani kwafin kuma da ya maimaita duk abin da ya karɓa amma hanya ta bar shi baya da megabayit 40, ya fi wancan sabon labari ga mai karatu, amma idan aka ɗaga shi, cinikin da ke cikin megabayit 40 ɗin sun tafi, bayan an riga an ce wa masu su an karɓa. Patroni yana da `maximum_lag_on_failover`, asalinsa bayit 1048576, don hana ɗaga kwafin da ya yi nisa fiye da haka.

Jinkiri kuma yana da bakin rami. Uwa ba ta ajiye kundi har abada, tana yanka shi gunduwa-gunduwa, asali megabayit 16 kowace, tana zubar da tsofaffi. Kwafin da ya yi nisa har aka zubar da gunduwar da yake buƙata, in babu ma'ajiyar kundi a gefe, ba zai ƙara kamowa ba sai an sake gina shi daga tushe. Haka ya faru da kamfanin GitLab ranar 31 ga Janairu 2017, kamar yadda su da kansu suka bayyana: nauyi ya sa kwafi ya yi nisa har ya daina bin sawun uwa, kuma a wajen ƙoƙarin sake gina shi aka goge bayanan uwa bisa kuskure, aka yi asarar bayanan kusan awa shida. Ramin riƙo, wanda ya zo a fitowa ta 9.4 kuma ake gani a `pg_replication_slots`, yana sa uwa ta riƙe kundi har kwafi ya karɓa. Amfaninsa ga mai sa-ido shi ne layinsa ba ya ɓacewa idan kwafi ya yanke, `active` ne kawai ke komawa ƙarya. Haɗarinsa shi ne kwafin da ya mutu aka manta da shi zai sa uwa ta yi ta tara kundi har faifai ya cika ta tsaya. A gudun megabayit 12 a sakan, ana tara sama da gigabayit 40 a awa, to wanda ke da sararin gigabayit 200 bai kai awa biyar ba. Daga fitowa ta 13 ana iya saka iyaka da `max_slot_wal_keep_size`, amma asalinsa `-1` ne, ba iyaka, sai wanda ya je ya saka da hannunsa.